Tantance masu neman tallafin karatu: wane dalili za mu rubuta wa wanda bai samu ba?

Nura Sakatare: Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa aikin tantancewa. Ƙungiyarmu ta unguwa a nan Tudun Wada za ta biya wa ɗalibai 20 kuɗin makaranta bana, kuma mutum 140 suka cike fom. Kwamiti ya sa sharuɗɗa uku: CGPA ya kai 3.50, kuɗin da ke shiga gidan su ɗalibi kada ya wuce naira 100,000 a wata, sannan takardu huɗu su cika, wato takardar samun gurbin karatu, sakamakon zangon baya mai hatimin makaranta, takardar NIN da wasiƙar mai unguwa. Na zuba kowa a Excel. Jerin C maki ne, D kuɗin shiga, F adadin takardun da ba a kawo ba. Ga abin da na rubuta:

```
=IF(F2>0,"Takardu",IF(C2<3.5,"Maki",IF(D2>100000,"Kudin shiga","Ya cancanta")))
```

Abin da ya hana ni barci shi ne wata yarinya da ke karatu a Zariya. Sakamakonta ya fito "Takardu", sai na kira ta na ce ta kawo sakamako mai hatimi. Ta shiga mota daga Kawo, ta kwana biyu tana bin ofisoshi, ta dawo da shi. Ina mayar da F ɗinta sifili sai ya koma "Maki", domin 3.31 gare ta. Mahaifinta ya zo har gida ya ce min, tun farko ai ta rubuta 3.31 ɗin a fom, me ya sa muka sa ta kashe kuɗin mota? Wallahi ban sami abin ce masa ba. Ta ina na kuskure?

Malama Hadiza: Wa alaikumus salam, Malam Nura. Na daɗe ina irin wannan aiki a ofishin rajistar ɗalibai, kuma kusan kowa da wannan tuntuɓen yake farawa. Fomularka tana tsayawa ne a kan matsala ta farko da ta ci karo da ita, ta kira ta dalili. Kai kuma ka sa takardu a gaba. To rashin takarda abu ne da ake gyarawa, maki kuwa na zangon da ya wuce ba mai gyara shi. Idan ka fara gaya wa mutum abin da zai iya gyarawa, ka yi masa alkawari ne a fakaice cewa in ya gyara zai wuce.

Ka juya jerin. Fara duba abin da ba ya gyaruwa, maki da kuɗin shiga, takardu su zo ƙarshe. Sannan sakamakonka ya zama iri uku, ba biyu ba: bai cancanta ba, a jira, ya cancanta. "A jira" na wanda ya haye maki da kuɗin shiga ne bisa abin da ya rubuta, takarda kawai ta rage masa. Shi kaɗai za ka ɗaga waya ka ce ya je ya kawo wani abu.

Injiniya Yusuf: Malama, a nan ban bi ki ba. Ta yaya za a yanke hukunci kan maki alhali takardar da ke tabbatar da makin ba ta zo ba? Ni a ganina Nura ya yi daidai da ya sa takardu a farko. Abin da babu shaidarsa ai kamar babu shi ne.

Malama Hadiza: Injiniya, maganarka gaskiya ce ta fuska ɗaya. Idan yaro ya rubuta 4.10 babu takarda, ba za ka ce ya cancanta ba, sai ka gani da idonka. Amma idan da hannunsa ya rubuta 3.31, me kake jira takarda ta tabbatar maka? Ba wanda ke rage wa kansa maki a fom ɗin neman tallafi. Maganar da mutum ya yi wadda ta cire shi, ka karɓe ta a bakinsa. Wadda za ta shigar da shi ita ke buƙatar shaida. In ma kuskuren rubutu ya yi, saƙon da za a tura masa zai ɗauki lambar da aka yi hukunci da ita, sai ya gani ya dawo ya gyara.

Alhaji Bala Rigasa: Salamu alaikum. Don Allah a turo min inda ake cike fom ɗin. Ina da yaro a KASU, aji biyu, kuma yana da ƙoƙari sosai. Wannan na hukumar tallafin karatu ta jiha ne ko na tarayya?

Nura Sakatare: Ranka ya daɗe, ba na gwamnati ba ne, na ƙungiyar unguwarmu ne, kuma an rufe karɓar fom. Shawara nake nema kan yadda za mu tace waɗanda suka riga suka nema. Allah ya yi wa yaro albarka.

Alhaji Bala Rigasa: Amin. To in an sake buɗewa a tuna da mu.

Rifkatu Sabon Tasha: Malam Nura, kafin a yi nisa, tambaya ɗaya. Cikin 140 ɗin akwai 'yan kwalejin kimiyya da fasaha? Ni a nan Kaduna na yi difloma, kuma makinmu a kan 4 ake lissafa shi, ba a kan 5 ba irin na ABU da KASU. A wurinmu 3.50 shi ne farkon mataki mafi girma gaba ɗaya. Idan ka sa wa kowa 3.50, ɗan jami'a kana neman ya zama mai daraja ta biyu ta sama ne kawai, ɗan difloma kuwa kana neman ya zama zakaran aji.

Nura Sakatare: Innalillahi. Akwai su da yawa, na nan Kaduna da na Nuhu Bamalli a Zariya. Yanzu na duba, kusan dukkansu "Maki" ya fito musu. Ni na ɗauka ƙoƙarinsu ne bai kai ba.

Injiniya Yusuf: Wannan mai sauƙi ne. Ka ninka makin ɗan difloma da 1.25, sai ya koma ma'aunin 5. Mai 3.00 ya zama 3.75, mai 4.00 ya zama 5.00. Daga nan kowa ya bi layi ɗaya.

Malama Hadiza: Lissafin ya fita, amma duba inda iyakar ta faɗa. Raba 3.50 da 1.25, ka sami 2.80. A tsarin difloma mataki na biyu daga 3.00 yake farawa zuwa 3.49, na uku kuma daga 2.50 zuwa 2.99. Ka ga 2.80 yana cikin mataki na uku. Ke nan za ka shigar da ɗan difloma mai mataki na uku, ka kori ɗan jami'a mai 3.45 wanda shi ma a mataki na ukun yake, saura ƙiris ya haye. Rabe-raben ma'aunin biyu ba su zauna a wuri ɗaya ba, shi ya sa ninkawa ba ta daidaita su. Abin da kwamiti ke nufi da 3.50 shi ne "mataki na biyu zuwa sama". To a fassara nufin: 3.50 ga mai ma'aunin 5, 3.00 ga mai ma'aunin 4. Kuma Nura, kada ka yi hasashen ma'auni daga sunan makaranta. Ka duba takardar sakamakon kowa, ka buɗe jeri guda ka rubuta 4 ko 5.

Injiniya Yusuf: Na karɓa a kan iyaka. Amma in an zo jera waɗanda suka cancanta don a ɗauki 20, dole a sami hanyar gwama mai 3.20 cikin 4 da mai 3.90 cikin 5. A nan ba ni da abin da ya fi ninkawar.

Malama Hadiza: Ni ma ba ni da hanyar da ba ta da aibi. Wasu kan raba guraben tun farko, kaza na jami'a kaza na difloma, kowa ya yi takara da irinsa. Amma wannan aiki na biyu ne. Yanzu cancanta muke tacewa.

Baba Garba Direba: 'Ya'yana, ni ban san kwamfuta ba, jikana ke rubuta min. Maganar dubu ɗari ɗin nan ce ta tsaya min a rai. Ina jan mota tsakanin Kaduna da Kano. Wata mai kyau nakan haɗa dubu ɗari da ashirin. Mu goma sha ɗaya ne a gidana, har da 'ya'yan ƙanina marigayi guda uku. Maƙwabcina yana ɗaukar dubu casa'in da biyar, daga shi sai matarsa da ɗa ɗaya. A lissafinku shi ne talaka, ni ne mai kuɗi. Ku faɗa min tsakani da Allah, gidan wa tukunya ta fi wahala?

Rifkatu Sabon Tasha: Baba ya faɗi gaskiya. A raba a gani. 120,000 a kan mutum 11 ya ba da kusan 10,900 kowane kai. 95,000 a kan mutum 3 ya ba da kusan 31,700. Wanda fomular ta kora shi ne wanda ke rayuwa da kashi ɗaya cikin uku na abin da ɗayan ke samu. Ya kamata iyakar ta zama ta kowane kai. Don a sami abin aunawa: mafi ƙarancin albashi da jihar Kaduna ta amince da shi a 2024 naira 72,000 ne. Ma'aikaci mai wannan albashi da mutum shida a gida, 12,000 ke faɗa wa kowa. In kwamiti ya sa 20,000 a kai, ya shigar da irin wannan gida da na Baba, kuma gida mai mutum biyar daidai yake da tsohuwar iyakar dubu ɗari.

Nura Sakatare: Akwai wurin adadin mutanen gida a fom ɗin, yana jerin E, ban dai yi amfani da shi ba. Abin da nake tsoro kada a ce mun sauya doka bayan an fara wasa.

Malama Hadiza: Me kuka rubuta a sanarwa?

Nura Sakatare: "Ɗalibai daga gidaje masu ƙaramin ƙarfi." Dubu ɗarin a zaman kwamiti aka tsayar, ba a fitar da ita waje ba.

Malama Hadiza: To kuna da dama, da sharaɗi biyu. Kwamiti ya zauna ya amince a rubuce kafin kowa ya ga sunayen da sauyin zai shigar ko ya fitar, kuma a sake tace duk 140 ɗin da sabuwar ƙa'ida, ba waɗanda suka yi ƙorafi kaɗai ba. Da a ce kun buga lambar a sanarwa, da na ce ku haƙura sai baɗi, domin akwai waɗanda suka ga lambar suka fasa nema.

Sani Panteka: Ni inda nake da ja shi ne, da zarar an ce a raba da yawan mutane, kowa zai zama mai mutum goma sha biyar a gida. Za a lissafa har da kaka da ke ƙauye da almajirin da ke kwana a zaure. Kuma ku duba wani abu. Ma'aikacin gwamnati yana da takardar albashi, ba ya iya ɓoye ko kwabo. Mu 'yan kasuwa abin da muka faɗa shi ne. Ina faɗin wannan ne a kan kaina. Na san mai shago biyu da zai rubuta dubu arba'in ba tare da ya ji komai ba, malamin firamare kuma ya rubuta gaskiya a kore shi.

Baba Garba Direba: Ai shi ya sa ake kawo wasiƙar mai unguwa. Ya san gidan kowa.

Sani Panteka: Baba, ya san gidan kowa, shi ya sa ma yake jin nauyin hana kowa. Mutumin da kuke sallah sahu ɗaya ya zo neman sa hannu don karatun ɗansa, da wane baki za ka ce masa a'a?

Malama Hadiza: Malam Sani, ba fomular da za ta gano ƙarya, wannan kam a cire rai. Abin da za a iya shi ne a rage ƙofofinta. A fayyace waye ɗan gida: wanda ke ci daga tukunyar gidan kullum kuma ba shi da nasa abin shiga. Wanda ke da sana'a, in an ƙirga shi a mutane, a ƙirga kuɗinsa ma a kuɗin gida. A sa a rubuta sunaye da shekaru, ba lamba kawai ba, domin rubuta 14 ya fi sauƙi a kan ƙirƙiro sunaye goma sha huɗu da maƙwabta za su iya gani. Manomi kuma a ƙiyasta abin da ya samu a shekara a raba 12, kada a tambaye shi na watan da ya wuce, don amsar kaka daban take da ta bazara. Sannan waɗanda suka kai matakin ƙarshe, mutum biyu daga kwamiti su taka har gida. Gida talatin ana iya zagayawa, 140 ne ba a iyawa.

Sani Panteka: Zuwa gida zai taimaka, amma ban gamsu ya warware ba. Akwai mai kuɗin da ke zaune a gidan ƙasa.

Nura Sakatare: Na sake rubutawa bisa shawarwarinku. B ma'auni ne, 4 ko 5. Amma ga wani abin mamaki. Wani yaro bai cike kuɗin shiga ba sam, kuma ya fito "Ya cancanta". Wata kuma a wurin maki na kwafe abin da ta rubuta, "ba a fito ba", ita ma ta haye.

Injiniya Yusuf: Wannan na san shi sarai. Gurbin da ba a rubuta komai a ciki ba, Excel sifili yake ɗaukarsa in ana gwama shi da lamba. Yaron ya zama wanda gidansu ba ya samun ko sisi, wato ya fi kowa cancanta. Rubutu kuma, a wurin Excel ya fi kowace lamba girma, don haka "ba a fito ba" bai gaza 3.5 ba. Haka zai yi maka in an buga 3,8 da waƙafi maimakon ɗigo ya ɗauke shi rubutu. Alamar da za ka gane: lamba takan jingina dama a cikin gida, rubutu ya jingina hagu, in dai ba ka taɓa saitin ba. Maganinsa COUNT, don lambobi kaɗai yake ƙirgawa:

```
=IF(COUNT(B2:F2)<5,"A JIRA: bayani bai cika ba",
IF(C2<IF(B2=4,3,3.5),"BAI CANCANTA BA: maki",
IF(D2/E2>20000,"BAI CANCANTA BA: kudin shiga",
IF(F2>0,"A JIRA: takardu","YA CANCANTA"))))
```

Na haɗa da F da gangan. In ka bar shi fanko ga wanda ba a duba takardunsa ba, zai wuce kamar ya kawo komai. Wanda takardunsa suka cika ka buga masa 0 da hannunka. E kuma ɗalibin kansa yana cikin ƙirga, don haka ba zai taɓa zama sifili ba. In ka ga #DIV/0! to a nan aka yi kuskure.

Rifkatu Sabon Tasha: Injiniya, mai maki 2.90 cikin 5 da bai cike kuɗin shiga ba fa? Fomularka za ta ce a jira, alhali Malama ta ce abin da ba ya gyaruwa shi ne gaba.

Malama Hadiza: Kin kama shi daidai. Ni zan bar shi haka, saboda wannan "a jira" ɗin na sakatare ne, ba a tura wa ɗalibi. Nura zai bi su ɗaya bayan ɗaya, wanda makinsa ya riga ya cire shi ya rufe fayil ɗinsa, sauran ya kira su a waya. Ba wanda zai hau mota a kai.

Nura Sakatare: Na gwada a kan yaro ɗaya. Ɗan difloma ne, 3.12 cikin 4, mahaifinsa tela, ya rubuta 118,000, mutum 9 a gida, wasiƙar mai unguwa ce bai kawo ba. A tsohuwar fomula zai fito "Takardu", ya kawo a ce "Maki", ko da ya haye wannan a ce "Kuɗin shiga". A sabuwa 3.12 ya wuce 3.00, kuɗin ya kama kusan 13,100 a kai, sai ya tsaya a "A JIRA: takardu". Wasiƙa ɗaya ce tsakaninsa da shiga takara. Yarinyar Zariya kuwa har yanzu maki ne. Zan je in ba mahaifinta haƙuri, kuma zan roƙi kwamiti a mayar mata kuɗin motarta.

Maryam Unguwar Rimi: Yaya Nura, don Allah kalmar "takardu" kaɗai kada ta je wa kowa. Ni ta taɓa cin ni. Na nemi wani tallafi ina aji biyu, aka turo min cewa takarduna ba su cika ba, alhali duk na kai. Sai bayan an rufe na gano matsalar: a sakamakon WAEC sunan mahaifina Mohammed, a NIN kuma Muhammad. Da an faɗa min, takardar rantsuwa daga kotu ta isa, aikin yini ɗaya. Na yi kuka a kan wannan abu ba kaɗan ba. A rubuta wace takarda ce, me ke damunta, kuma zuwa wace rana za a kawo.

Malama Hadiza: Sannu Maryam. Irin wannan ya yi yawa a sunayenmu, Aisha da A'ishatu, Abdullahi da Abdullah, ko a juya sunan uba ya zo gaba. Nura, ka ƙara jeri na rubutun hannu kusa da sakamakon. Bambancin harafi, in ranar haihuwa da hoto sun dace, "a jira" ne. In suna da ranar haihuwa duka sun saɓa, wannan kwamiti za a kai wa. Kuma fayil ɗin nan yana ɗauke da NIN da sirrin gidajen mutane, kada ya shiga zauren ƙungiya. Kowa a tura masa nasa shi kaɗai.

Sani Panteka: Wanda ya faɗi a maki da kuɗin shiga duka biyun fa? Fomular maki kawai za ta nuna. Yaro ya je ya dage, baɗi ya dawo da 3.70, sannan a ce masa ai dama gidanku ya fi ƙarfin tallafin. Yarinyar Zariya ce aka sake, sai dai wannan shekara guda zai yi a hanya.

Malama Hadiza: Haka ne. A sa jeri biyu, ɗaya na maki ɗaya na kuɗi, kowanne ya ce ya haye ko bai haye ba, saƙon ya ɗauki duka biyun da lambobinsu. Wanda za a kira babban dalili kuwa, ni maki nake sawa, don shi ne mai takarda da hatimi, ba a musu a kansa.

Rifkatu Sabon Tasha: Ni kuɗin shiga zan sa gaba, Malama. Tallafin don marasa ƙarfi aka yi shi. Wanda gidansu ya wuce iyaka tun asali ba nasa ba ne, bai kamata ma a auna ƙoƙarinsa a ce masa ya gaza ba.

Malama Hadiza: Ina ganin hujjarki. Sai dai lambar kuɗin ita ce wadda muka fi rashin tabbas a kanta, kamar yadda Malam Sani ya nuna. Nura ya kai wa kwamiti su zaɓa.

Nura Sakatare: Zan kai duka ranar Asabar in sha Allahu. Amma COUNT ɗin Injiniya ya tono min wani abu. Mutum 23 sun tsaya a "bayani bai cika ba", kuma 17 daga ciki sabbin shiga ne, ba su rubuta jarrabawar zango ko ɗaya ba, don haka ba su da CGPA. WAEC ko NECO da makin JAMB kawai gare su. Har da wadda ta rubuta "ba a fito ba". Kwamiti bai taɓa tunanin su ba da aka sa sharaɗin. Malama, in kina kusa, da me ake auna waɗannan?

Malama Hadiza: Ina kan hanyar gida, an kusa kiran magariba. Kada ka taɓa layinsu tukuna, kuma kada ka kira kowa cikinsu. Turo min adadin waɗanda suka shiga ta JAMB da waɗanda suka shiga ta share fage, zan duba da dare.